Gane Amsar Mace Ta Bakin 'Yar Aike: Tambayoyi da Amsoshi

A Gusau da Ƙauran Namoda da Talata Mafara da ƙauyukan da ke kewaye da su, har gobe akwai gidajen da namiji ba ya tsayar da ɗiyarsu a hanya ya ce yana so. Aika mutum ake yi. Saƙon ya shiga cikin gida, amsar ta fito a lulluɓe, sannan mai nema ya zauna yana juya kalma biyu ko uku tsawon mako. Ga tambayoyin da masu nema da 'yan aikensu suka fi yi a kan wannan lamari.

Me ya hana ta faɗi "e" ko "a'a" kai tsaye?

Kunya ce da kara, amma akwai lissafi a ƙarƙashinsu. Budurwar da ta ce wa 'yar aike "ina sonsa" a zuwan farko ta san maganar ba za ta kwana a ɗaki ɗaya ba. Idan auren bai yiwu ba, ita za a bari da abin faɗa, a ce ta yi rawar kai. Idan kuma ta ce "ba na so" ɓaro-ɓaro, ta kunyata wadda aka aiko, wadda sau da yawa gwaggo ce ko maƙwabciya ko ƙawar mahaifiyarta, kuma gobe za su haɗu a gidan suna. Ga shi ba ta san ra'ayin mahaifinta ba tukuna, ba za ta so ta riga shi magana ba.

Don haka mai so da marar so duk da kalmomi iri ɗaya suke amsawa: "to", "na ji", "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri". Wanda ya tsaya kan kalmomin kawai zai ɓata. Abin dubawa shi ne ko amsar ta zo da ƙofa a jikinta, wato sunan wanda za a gani, ko ranar da za a dawo, ko wata tambaya da ke buƙatar a kawo mata amsa. Mace mai so takan bar abin da zai sa a komo. Marar so takan yi magana mai daɗi wadda ba ta da wurin kamawa.

Wa ya fi dacewa a aika?

Mace babba wadda take shiga gidan ba tare da an tambaye ta dalili ba, kuma wadda yarinyar take iya zama da ita su biyu. Ƙanwar uban mai nema ko yayarsa mai aure sun fi kowa, idan sun san gidan. Ƙawar yarinyar tana jin abin da babba ba zai ji ba, sai dai tana da nata son rai, kuma maganarta ba ta da nauyi a wurin iyaye. Yaro ƙarami yana iya kai saƙo, amma ba ya karanta fuska. Abokin mai nema kuwa, kasancewarsa namiji, a zaure zai tsaya, kuma abin da zai samu bai wuce gaisuwa ba.

Mutum biyu ake gudu. Na farko wadda za ta samu wani abu idan auren ya ɗauru, domin ita kowace amsa "ta yarda" ce. Na biyu wadda yarinyar take jin tsoronta, kamar malamar Islamiyyarsu ko wadda ta raine ta. A gaban irin wannan ba za ta iya cewa komai ba sai "to", kuma wannan "to" ɗin na ladabi ne.

Idan 'yar aike ta dawo, me zan tambaye ta?

Kada ka fara da "ta yarda?" Tambayar tana tilasta mata ta yi maka fassara, kuma za ta zaɓi wadda za ta faranta maka. Ka nemi ta ba ka labarin zuwan daga sallama har fitowa. Wa ke wurin lokacin da aka yi maganar? Amsar da aka bayar a gaban uwa ko kishiyar uwa ba a gina komai a kanta. Da wace kalma ta amsa, daidai yadda ta faɗe ta? Bayan an ambaci sunanka ta zauna ko ta tashi? Idan ta tashi, ta dawo? Ta yi tambaya? Da za a tafi ta yi rakiya, kuma har ina?

Rakiya tana da muhimmanci fiye da yadda maza suke zato. Cikin ɗaki akwai kunnuwa. Tsakanin ƙofar ɗaki da zaure kuwa, taku goma ne ko ashirin da babu kowa, kuma a nan yarinya take sako maganar da ta riƙe. "Gwaggo, shi wannan ɗin a ina yake zaune?" Ko kuma, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, don Allah ki ba shi haƙuri." 'Yar aike mai wayo takan rage tafiya a wannan wurin, ta tsaya gyara mayafi ko neman takalmi, don ta ba da dama.

Tashi da gudu ba ya nuna komai shi kaɗai. Mai kunya tana gudu, marar so ma tana gudu. Bambancin yana zuwa daga baya: mai kunya takan laɓe kusa, ta aiko ƙanwarta da ruwa ko fura, ko ta fito lokacin sallama tana rufe fuska. Marar so takan shige ɗakin wata ta zauna har baƙuwa ta tafi, kuma a zuwa na biyu sai a ce ba ta nan.

Ta ce "a je a ga Baba". Wata kuma ta ce "duk abin da Baba ya ce". Ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. "A je a ga Baba" umarni ne da ke nuna hanya. Ta ɗauke maganar daga ɗaki ta miƙa ta zaure, inda ake ɗaura aure, kuma ta san abin da hakan yake nufi. Idan ta ƙara da bayani, kamar "Baba yana gida bayan la'asar", ko "Baffa za a fara gani, shi ke da maganar aurenmu", to ta faɗi iyakar abin da budurwa mai kunya za ta iya faɗa. Ambaton baffa ko wani takamaimen mutum alama ce mai ƙarfi, domin a gidaje da yawa uba yakan bar auren ɗiyarsa a hannun ƙanensa ko wansa, kuma yarinyar da ta nuna wannan mutumin tana gudun kada mai nema ya yi ɓatan kai.

"Duk abin da Baba ya ce" kuwa miƙa wuya ne. Yana iya zama so ne da kunya ta danne, yana iya zama ta san Baba ba zai yarda ba ta bar shi ya yi mata korar, yana iya zama kuma ba ta so amma ba ta ga mafita ba. Wannan na ukun shi ne mai haɗari, domin aure yana iya ɗauruwa a kansa. Idan wannan amsa ta zo, a koma da tambaya ƙarama: "To in Baba ya tambaye ki hwa, mi za ki ce mai?" Murmushi da sunkuyar da kai amsa ce. Shiru mai nauyi, fuska a ɗaure, ido ya kawo ruwa, shi ma amsa ce. Labarin zuciya a tambayi fuska.

"Zan yi shawara" ko "zan yi istihara": jira zan yi ko na haƙura?

Ka jira, amma da iyaka. Waɗannan amsoshi biyu gaskiya ne a bakin mata da yawa, kuma mace mai hankali ba ta karɓar wanda ba ta bincika ba. Mai shawarar gaske akan ga motsinta. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ji wani daga danginta ya yi tambaya a kanka a kasuwa, ko a masallacin unguwarku, ko wurin wanda kuka yi makaranta tare. Idan bincike ya fara, maganarka tana raye.

Idan mako biyu suka wuce babu wanda ya tambayi kowa komai, 'yar aike ta koma aka ce "ban gama ba tukuna", aka sake komawa aka maimaita, to an amsa. Istihara sallah ce raka'a biyu da addu'a, ba ta cin wata uku. Mace takan riƙe ta a matsayin garkuwa saboda babu mai iya yi mata gardama a kanta, kuma bai kamata a yi mata ba.

Ta ce karatu take yi. Kora ce?

A duba ko karatun yana da ƙarshe a bakinta. "Saura shekara ɗaya in gama" lissafi ne, ta ba ka abin da za ka auna. Wadda take shekara ta biyu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, misali, ta san karatun NCE shekara 3 ne, kuma idan tana so za ta faɗi lokacin da ya rage. Wata ma tambaya ce take yi a fakaice: zai bar ni in ci gaba bayan aure? Irin wannan tana jiran a kawo mata amsa bayyananna, kuma wanda ya san ba zai bari ba kada ya yi alkawari don a ba shi.

"Ni yanzu ba aure ne a gabana ba", babu shekara babu sharaɗi, kora ce cikin mutunci.

Za a iya kawo misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauka wani mai shagon hatsi ne a Ƙauran Namoda, ya ga wata yarinya a bikin danginsa a Tudun Wadan Gusau, ya aiki gwaggonsa wadda ta san uwar yarinyar.

Zuwan farko gwaggo ta gaisa da uwar, aka taɓa hira, sannan ta ce, "Ɗiyar nan taki nika so in gani." Aka kira ta. Da aka faɗi abin da ya kawo gwaggo, yarinyar ta ja gefen hijabinta ta rufe baki, ta ce "to", ta fita. Uwar ta ce, "Kin san yaran yanzu, sai a hankali." Babu rakiya, ƙanwarta ce ta kai gwaggo zaure. A wannan mataki ba a samu komai ba. An yi maganar a gaban uwa, kuma yarinyar ba ta ma tabbatar da wane ne ba. Kuskuren da ake yi a nan shi ne mai nema ya ji "ta rufe fuska" ya fara zancen kayan na-gani-ina-so.

Bayan kwana goma gwaggo ta koma, ta zaɓi hantsi, lokacin da uwar take wurin girki. Ta samu yarinyar ita kaɗai tana tsince shinkafa a faifai, ta zauna kusa da ita ta sa hannu suna yi tare. Ta bayyana mata mutumin: ɗan wane ne, sana'arsa, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Yarinyar ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Gida ɗaya za a zauna?" Gwaggo ta ce za ta tambayo. Da za ta tafi yarinyar ta raka ta har bakin zaure.

Wannan tambaya ita ce amsar zuwa na biyu. Wadda ba ta so ba ruwanta da inda za a zauna. Amma ba yarda ba ce tukuna, sharaɗi ne, kuma ya nuna inda damuwarta take. Abin da ya dace shi ne a kawo gaskiya. Idan gida ɗaya ne, a ce gida ɗaya ne, kowa da ɗakinta.

A zuwa na uku, bayan mako guda, gwaggo ta faɗi hakan. Daga nan hanya ta rabu biyu. Idan yarinyar ta ce, "Baffana na Samaru shi ka magana", a shirya manya su je gaisuwa. Idan ta ce, "Allah ya ba shi wadda ta fi ni", an gama. Wannan addu'a ita ce "a'a" mafi bayyana da budurwa take yi, kuma ba a mayar da ita ƙanƙan da kai. Maza da yawa suna jin ta su aika a ce "ai babu wadda ta fi ki". Ta riga ta rufe ƙofa, ƙwanƙwasawa kawai ake ƙara yi.

Ba an ce shirun budurwa yarda ba ne?

Hadisin ya inganta, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi: ana neman izinin budurwa, kuma izininta shi ne shirunta. Amma a lura da wanda yake tambayar. Maganar waliyyi ce, lokacin da zai aurar da ita ga wani mutum da aka ambata mata. Malaman Malikiyya sun so a sanar da ita tun farko cewa shirunta za a ɗauke shi yarda ne, kuma sun ce wadda ake neman izininta, idan ta ƙi ko ta nuna ƙyama, ba a ɗaura mata.

Shiru a gaban 'yar aiken saurayi wani abu ne daban. Ba waliyyinta ba ce, ba a gaya mata shirun zai zama hujja ba, wataƙila ma ba ta san mutumin ba. Mai nema da ya kafa hujja da wannan hadisi a kan shirun da aka yi wa gwaggonsa ya ɗora shi a inda ba wurinsa ba.

Ta karɓi abin da na aika. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Mayar da kyauta a hannun babbar mace rashin kunya ne a idon mutane, don haka yarinya takan karɓa ta ajiye, wani lokaci ma uwa ce take karɓa a madadinta. Abin lura shi ne inda kyautar ta ƙare. Turaren da ta shafa ranar da ta san 'yar aike za ta zo, ko atamfar da aka ga ta kai wa tela, suna magana. Tukuici ma haka, ko da ɗan dambun nama ne ko hula aka ce a kai masa. Kayan da aka raba wa ƙanne a ranar, ko aka same su bayan wata guda a ƙulle cikin ledarsu, su ma suna magana. Idan aka dawo da su ta hannun yaro da "an gode", babu sauran fassara.

Shi ya sa ba a aika abu mai tsada kafin a ji amsa. Waya ko kuɗi masu yawa a zuwan farko suna ɗaure yarinya da iyayenta da nauyi, sai a rasa gane so ne ko kunyar abin da aka ci.

Bazawara fa?

Ita magana ake nema daga bakinta, shirunta ba ya wadatarwa. Hadisi ya ce ta fi waliyyinta haƙƙi a kan kanta, kuma Bukhari ya kawo labarin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. A aikace ma bazawara ta fi fitowa fili. Tambayoyinta su ne amsarta: ina za a ajiye ta, za a karɓi 'ya'yanta, za ta ci gaba da sana'arta. "Ni yanzu renon marayuna nake" ba tare da wata tambaya ba yana nufin a ƙyale ta. "Wa zai ɗauki mace da 'ya'ya uku?" kuwa gwaji ne, tana so ta ji ko an shirya.

Kafin a aika, a tabbatar ta gama idda. Wadda mijinta ya rasu takabarta wata 4 da kwana 10 ne idan ba ta da ciki, kuma aya ta 235 ta Suratul Baƙara ta halatta hannunka-mai-sanda kawai a wannan lokaci, ban da neman aure a fili ko ƙulla alkawari. Wadda take iddar sakin kome kuwa matar mijinta ce har yanzu, ko shaguɓe ba a yi mata. Idan irin wannan ta yi wa 'yar aike shiru, daidai ta yi.

An ce min "akwai maganar wani".

A bincika ta wurin manya, ba ta wurinta ba. Idan an karɓi gaisuwar wani, ko an yi baiko, ka janye, domin hadisi ya hana nema a kan neman ɗan'uwa. Idan masu zuwa zance ne kawai ba a tsayar da kowa ba, shari'a ba ta hana ka ba. Sai dai ka lura da wanda ya faɗa. Idan daga bakinta ya fito, ko akwai wanin ko babu, ta zaɓi ta gaya maka hakan ne don ka tsaya.

Yaya zan gane 'yar aike tana gyara min magana?

Labarinta yakan yi santsi da yawa. Kullum "tana sonka, kunya ce kawai", amma babu kalma ɗaya ta yarinyar da za ta iya maimaitawa, babu ranar ganin manya, kuma kowane zuwa yana buƙatar a ba da wani abu a kai. Alama ta biyu ita ce ta hana ka aika kowa sai ita. Maganin shi ne a nemi hanya ta biyu wadda ba ta san ta farko ba, kamar matar aboki ko wata ƙanwa da suke makaranta ɗaya da yarinyar. Idan labaran biyu suka saɓa, a nemi izinin iyaye a je zance sau ɗaya a zaure. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wadda take so za ta fito ba da jinkiri mai yawa ba, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna. Wadda aka tura za ta bar ka tsaye rabin sa'a, ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa, kowace tambaya ta amsa da kalma ɗaya.

Iyayenta sun amince, ita ce ban gane ba. In ci gaba?

Ka dakata har ka gane. Amincewar iyaye tana sa yarinya ta ƙara rufe baki, domin yanzu ƙin ka ya zama saɓa musu. A nan ne 'yar aike take da aiki mafi nauyi: ta same ta ita kaɗai ta ce mata, "Ɗiyata, in ba ki so ki hwaɗa mini. Shi zai janye da kansa, ba mai jin daga bakinki ya hito." Sai an ba ta wannan tabbaci sannan gaskiya take fitowa, kuma wajibi ne mai nema ya cika shi. Auren da aka ɗaura a kan shirun tsoro shi ne wanda ake ganin yaji a watannin farko, a yi biko, a sake yaji, har a kai ga neman khul'i a gaban alƙali, bayan an kashe sadaki da lefe.

Sau nawa zan aika, kuma yaya ake janyewa?

Sau uku ya isa, da tazarar mako ɗaya zuwa biyu a tsakani. Na farko sanarwa ne, na biyu bayani da sauraron tambaya, na uku neman hanya. Idan bayan na uku babu sunan wanda za a gani, babu rana, babu tambaya, ka ɗauka ba ta so. Bin ta ta waya ko tare ta a hanyar makaranta bayan haka takura ce, kuma tana zubar da mutuncin wadda ka aika.

Wadda ta kai saƙon farko ita za ta kai na ƙarshe. Ta gaida uwar yarinyar, ta ce yaron ya ga abin bai yiwu ba a yanzu, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ba a ambaci cewa yarinyar ce ta ƙi ba, musamman idan iyayenta sun so, domin ita za a bari da faɗa a cikin gida. Ƙananan kyaututtukan da aka aika ba a tambayarsu. Idan an riga an kai kuɗin gaisuwa, manyan da suka kai su ne za su yi maganarsu da manyan gidan.